Idan Aka Fara Rufe Shaguna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya aiki, yaya kuma ciwon ƙugun nan da keken ɗinki ya sa miki? Mu nan lafiya lau. Yara sun koma makaranta. Haƙorin ƙaramar na gaba ya fita, yanzu da hannu a baki take dariya. Babansu yana gaishe ki.

Na san za ki ce me ya sami waya. To ai a masana'antarku a bakin ƙofa ake karɓe muku wayoyi, lokacin da kike tashi kuma ni ina fama da kwashe kaya. Ban da wannan, akwai maganar da idan na ji muryarki ba ta fitowa, sai in ji bakina ya ce "lafiya lau" shi kaɗai. Shi ya sa na ba direban da ke kawo mana kaya wannan takarda, tunda ta ƙofar gidanku yake bi.

Yaya, ina so in bar shagon Inna. Mai Zare, maƙwabcina na hannun dama, ya daɗe yana so ya fasa bangon da ke tsakaninmu ya haɗe shagunan biyu. Na ce masa sai na ji ta bakinki, tunda mu biyu ta bar wa, amma gaskiya kusan na amsa.

Ba ciniki ne ya mutu ba. Faranti da kofuna suna tafiya, fulas kuwa ba a magana. Har yanzu da dabarar Inna nake sayar da su: in cika su da baƙin shayi da sassafe, duk wadda ta tsaya tana shakka in tsiyaya mata da la'asar ta ga tururi da idonta. Wata ma shayin kawai take zuwa sha, na gane ta.

Kawai dai na gaji. Watanni ke nan ba na samun barci. Da yamma ta yi, na tuna gida zan koma, sai gabana ya faɗi. Baban yara ma ya ce in bar shagon in zauna a gida.

Ki ba direba amsa idan zai dawo. Kada ki yi min faɗa.

Taki,
Auta

*

Zuwa ga Autar Inna,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, ƙugu da sauƙi tun da aka sauya min kujera. Ki gaishe min da yara, ki ce wa mai giɓi in ba ta yi min dariya ba idan na zo babu tsaraba. Babansu kuwa riƙe gaisuwarsa tukuna.

Kin ce kada in yi faɗa. To a kan wa zan yi in ba a kanki ba? A tsaye na karanta takardar nan, na zauna na sake karantawa, abincina yana kan wuta har ya kama. Mace ta ce idan ta tuna gida gabanta faɗuwa yake, ba ta barci, sannan mijin ne ke cewa ta bar sana'arta. Auta, ni ba yarinya ba ce. Na goya ki, na san kukanki na yunwa da na rigima. Me mutumin nan yake miki? Zagi ne? Ko har ya kai ga hannu? Dama masu shiru-shirun nan ban taɓa yarda da su ba, mutum kullum kansa a ƙasa kamar ya yar da allura.

Maganar shago kuma, ban yarda ba. A ƙarƙashin teburin nan Inna take shimfiɗa ki a cikin kwali tana ciniki. Da farantan nan aka yi mana makaranta, da su aka yi mana aure. Ni na bar miki nawa rabon ne don na ga hannunki ya fi nawa albarka, ni da nake fasa kofi kafin in miƙa shi. Ban bar miki don Mai Zare ya samu wurin baza ƙwarƙwaron zarensa ba. In kika rabu da shagon, da me za ki tsaya da ƙafarki ranar da abin ya ɓaci?

Ki faɗa min gaskiya. In ta kama in ɗauki hutu in zo in kwashe ki da yaran, ɗakina ƙarami ne amma zai ɗauke mu.

Yayarki da ba ta yi barci ba ita ma

*

Auta,

Ina fata kuna lafiya, don ban san ko lafiyar kuke ba. Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa babu komai. Ya ce ya tarar an tone gaban layinku, shaguna duk a rufe. Na kira ki kin ce "lafiya lau, Yaya, ina zuwa", kika kashe. Na kira mijinki, yana cewa "ina wuni" na ji haushi ya taso min, ni ma na kashe.

In fushi kike da abin da na rubuta, ki yi fushin a takarda in gani. In kuma an riga an fasa bangon, shi ma ki faɗa. Shirun nan ya fi komai ci min rai.

Yaya

*

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, wannan karon kuma na duba kalmar kafin in rubuta ta. Bango yana nan. Ki yafe min shirun. Na fara amsa miki na yage ya fi a ƙirga.

Da farko ki maida wuƙarki kube. Bawan Allahn nan bai yi min komai ba. Ranar da kika kashe masa waya ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Ina jin layin Yaya ba shi da kyau." Ya ce in bar shagon ne don ya gaji da ganina zaune a bakin gado ina riƙe da ƙirji.

Ga abin da na kasa faɗa. Da rana ba ni da matsala. Wannan tana taya kofi, waccan tana ƙwanƙwasa faranti ta ji ko ya tsage, ba ni da lokacin kaina. Amma da an fara jawo ƙofofin ƙarfe ana rufe shaguna, ƙarar nan tana shiga kunnena, sai abin ya fara. In shirya kaya a kwali, in kulle, in ja kwaɗon in tabbatar, in kai bakin titi in dawo in sake ja. Idan gida ya yi tsit na kwanta, sai zuciyata ta hau bugu har a wuyana. Numfashi ba ya isata, tafin hannuna ya jiƙe, yatsuna su yi sanyi. Sai tunani ya biyo baya: in ban kulle ba fa? In wayar wuta ta yi tartsatsi fa? In kantar da nake jera faranti ta karye fa? Ina kashe wannan, wancan ya taso. Har lambar maigadin kasuwa na karɓa, in tashe shi ya je ya haska min kwaɗon. Ya ce a kulle yake, in ji sanyi, kafin in gyara filo abin ya dawo. Wani daren na ɗauka mutuwa ce ta zo. Na yi addu'a, na sha jiƙe-jiƙe, na ji kunyar kaina, ina cewa ko imanina ne ya yi rauni.

Tunda duk tunanin a kan shago yake, sai na ce shagon ne ciwon, in na rabu da shi na huta.

Sai aka rufe layinmu don gyaran magudanar ruwa. Muka kwaso kayana kaf muka jibge a falo, shago ya zama fanko, ko ɓarawo ya shiga sai dai ya share min. Na ce yau zan yi barci. Yaya, magariba na yi abin ya zo, daidai lokacinsa. Da bai samu shago ba sai ya kama yara: in babban ya faɗo daga keke fa? Washegari ke ya kama, wai allurar keken ɗinki ta huda miki hannu. Ina kwance, kwalayen faranti suna kallona, sai na gane wani abu. Faɗuwar gaban ce take fara zuwa, daga baya ta nemi abin da za ta rataya a kai.

Da safe na ce wa Baban yara ya kai ni asibiti. Likitar wata 'yar siririya ce, ba ta da gaggawa. Ta auna jinina, ta sa aka liƙa min wayoyi a ƙirji aka duba bugun zuciya, aka ɗebi jini don a ga ko ya yi ƙasa, ko kuma wani ƙulli da ke maƙogwaro ne ke aiki fiye da kima, don ta ce su ma suna kawo irin wannan. Duk lafiya. Na ce, "To likita, ƙarya nake ke nan?"

Ta ce, "Ko kaɗan. Bugun gaskiya ne, zufar ma gaskiya ce. Ciwon fargaba ake ce masa, kuma ba ranar da ba na ganin mai shi."

Ta ce jikin mutum yana da shirin da yake yi idan ya ga haɗari: zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama-sama, jini ya koma cinyoyi don a gudu. Nawa yana yin shirin ne ba tare da haɗarin ba. Ni kuma in ji bugun in tsorata, tsoron ya ƙara bugun, haka suke ta ciyar da juna. Da rana hayaniya ke danne shi, da dare ya samu fili.

Ta tambaye ni ko ina shan shayi. Na ce ɗan kaɗan. Baban yara ya yi tari. Sai da na lissafa mata: duk fulas ɗin da na cika don nuna wa masu saye, abin da ya rage ba na iya zubarwa, ni nake shanye shi kafin in kulle. Baƙi ƙirin, ya yini yana jiƙa. Ta yi dariya har ta ajiye biro. Ta ce ba shi ne tushen ciwon ba, amma mai zuciya a tsaye da ya sha wannan da yamma ya ƙara wa wuta itace.

Na yi kuka a gabanta, Yaya, kukan daɗi, don abin yana da suna kuma ba hauka ba ne. Ke ce ta farko da na faɗa wa bayan Baban yara. Ina tsoron ki ce raki ne.

Mai Zare ya ce da an buɗe layi zai kawo magini. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Autarki

*

Autata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai dai idona ya kumbura, abokan aiki suna ta tambaya ko zare ne ya shiga. Ki gaishe da yara. Ki gaishe min da ƙanina Baban yara gaisuwa ta musamman, ki ce masa layin ya gyaru. Na ɗinka masa riga, tana cikin ledar nan. Kada ki faɗa masa dalili, ya isa haka in ji kunyata ni kaɗai.

Raki? Ke da kika yi ciniki da naƙuda a jikinki sai da kika sallami mai sayen kofuna? Abin da ya ƙona min rai shi ne duk watannin nan kina wannan fama ni ina nan ina aiko miki da labarin tsadar ɗinki.

Takardarki ta tuna min abin da ke ba za ki tuna ba, kina ƙarama. Inna takan tashi cikin dare ta hau wanke kwanukan da an riga an wanke. In na leƙo ta ce zafi ne ya hana ta barci, ko da kuwa ana sanyi. Wani lokaci in ga ta dafe ƙirji tana jan numfashi. Mu muka ɗauka tsabta ce ta yi mata yawa, har tsokanarta muke. Allah ya jiƙanta, ita ba ta samu wanda zai faɗa mata sunan abin ba. Ki gaya wa likitarki, ko yana bin jini.

Yanzu ga shawarata. Ki daina tashin maigadi, tsoho ne. Ni ki kira. Zan riƙa kwana da waya a ƙarƙashin filo, ko ƙarfe nawa ne ki buga, in ce miki kin kulle, yara lafiya, ni ma lafiya, ba abin da zai faru. In sau goma ne ma zan faɗa.

Shago kuma na janye kafiyata. Na fi son ki a kan bango da ƙofar ƙarfe. In barinsa ne lafiyarki, ki bari, na yafe. Sai dai ki tabbata ke ce kika yanke, da rana tsaka, bayan kin ci abinci.

Shayin nan kuwa, Auta, ruwan zafi ma ai yana tururi.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Muna nan ƙalau. Riga ta yi masa cif, ya sa ta ya je aiki yana ta cewa bai san me ya yi wa Yaya ba. Haƙorin mai giɓi ya fara leƙowa.

Labarin Inna kuwa ban bar shi a cikina ba. Na faɗa wa likita, ta ce e, yakan bi gida, amma ba dole ba ne ya zauna yadda ya zo. Ta haɗa ni da wata ma'aikaciya da muke zama muna magana duk mako. Ta ce akwai magani na sha kullum in abin ya ƙi sauƙi, za mu duba nan gaba, amma kada in kuskura in sayi ƙwayar barci a kemis, jiki yana sabawa da ita.

Yaya, kyautar da kika yi min ta kira cikin dare ta fi rigar tsada, amma ba zan karɓa ba, kuma kada ki ji haushi. Na kai wa ma'aikaciyar maganar da murnata, sai ta tambaye ni, "Da maigadi ya ce a kulle yake, sanyin yakan kai safe?" Na ce ko kusa. Ta ce duk lokacin da na nemi a tabbatar min, ina koya wa jikina cewa da haɗarin gaske, kiran ne ya cece ni, gobe sai ya nemi kira biyu. In na maida ke maigadi, mu biyu za mu rasa barci. Don haka in na kira ki, kada ki ce ba abin da zai faru. Ki ce, "Abin nan ne ya zo, zai wuce," sai ki ba ni labarin shugabarku ta wajen aiki mai masifa.

Ga abin da nake yi yanzu. Kwaɗo sau ɗaya nake ja, in ce da bakina "na kulle", in tafi, ko ƙafata tana roƙona in koma. Kafin magariba nakan zauna in yi damuwata da gangan: wadda ke da abin yi in sa mata rana, wadda ba ta da shi in bar ta. Idan bugun ya zo, in ja numfashi a hankali ta hanci har ciki ya taso, in sake shi a hankali fiye da yadda na ja. In barci ya ƙi, ba na kokawa da filo, falo nake komawa in ninke wanki har ido ya yi nauyi. Fulas kuwa ruwan zafi, kin ci gari. Mai zuwa shan shayin nan ta daina gaishe ni.

Kada ki ɗauka na warke. Daren farko da ban kira maigadi ba na jiƙe sharkaf, lambarsa tana gabana. Abin ya hau, ya hau, na ce yau sai ya kashe ni. Sai ya gaji ya sauka da kansa, ba wanda ya haska min komai. Ban taɓa sanin yana sauka shi kaɗai ba, don ban taɓa jira ba. Wasu dararen yanzu ina barci, wasu kuma yana dawowa da ƙarfinsa.

An buɗe layinmu, mun maida kaya. Shekaranjiya na ɗaga ƙofa da safe na tarar kantar sama ta karye, gara ta cinye ta ta ciki. Farantan tangaran sun tarwatse har bakin ƙofa. Abin da na yi watanni ina gani a cikin duhu, ga shi a gabana. Na tsaya ina jiran in faɗi. Sai kawai na ji takaici irin na kowa, na ari tsintsiya, na aika a kira kafinta. Kafin azahar na sayar da fulas.

Ina cikin shara Mai Zare ya iso da magininsa, har da igiyar awo. Ya dubi ɓarnar ya ce, "Kin gani ko, maƙwabciya? Ki huta da wahalar nan haka."

Na ce, "Na gode, amma na fasa. Ka yi haƙuri da jan ran da na yi maka."

Ya ce, "Ba ke kika ce shagon yana hana ki barci ba?"

Na ce, "Na yi masa ƙazafi ne."

Bai ji daɗi ba, amma mutumin kirki ne, shi ya riƙe wa kafinta tsani. Da rana tsaka na yanke, Yaya, kuma na ci abinci, kamar yadda kika ce.

A kan teburin Inna nake rubuta miki wannan. An fara jawo ƙofofi daga can ƙarshen layi, ina jin ƙararsu. Wataƙila yau abin nan ya zo, wataƙila ya bar ni. Ko ya zo ko bai zo ba, gobe da safe ni zan buɗe shagon nan.

Ki zo hutu ki gani da idonki. Amma kada ki taɓa min kofi.

Taki har kullum,
Auta